Wasiƙar Neman Gwada Na'urar Amsa Tambayoyi a Banki

Wasiƙar da ake aika wa manajan banki don neman a gwada na'urar amsa tambayoyin kwastomomi takarda ce gajeriya, shafi ɗaya ko biyu, wadda ke roƙon abu guda: a ba da dama, na ɗan lokaci kuma a reshe ɗaya, a ga ko wata manhaja za ta iya ɗauke wa ma'aikata tambayoyin da ake maimaita musu kullum. Mai rubuta ta yakan kasance ƙaramin kamfanin haɗa manhaja, ko wani ma'aikacin bankin da ya gaji da ganin layi a gaban teburin kula da kwastomomi. A Najeriya galibi da Turanci ake rubuta ta, domin shi ne harshen takardun banki, amma abin da ke sa ta karɓu ko ta kwana a aljihun tebur iri ɗaya ne a kowane harshe.

Ita kanta na'urar ba baƙuwa ba ce a bankunan ƙasar. A farkon 2018 bankin UBA ya fito da tasa mai suna Leo a dandalin saƙonnin Facebook, daga baya ta shiga WhatsApp, wasu bankuna kuma suka biyo baya da nasu. Kwastoma yana rubuta tambaya a waya, manhajar ta duba abin da ya rubuta, ta mayar masa da amsa nan take, ko da tsakar dare ne. Saboda haka mai wasiƙa ba ya bukatar ɓata shafinsa wajen bayanin cewa zamani ya canja. Manaja ya sani. Abin da bai sani ba shi ne ko wannan na'urar za ta yi aiki a reshensa, da mutanen da ke shigo masa, kuma idan ta yi kuskure wuyan wa za a kama.

Abu na farko da mai wasiƙa zai gane shi ne iyakar ikon wanda yake rubuta wa. Manajan reshen babban bankin kasuwanci ba shi da hurumin haɗa wata manhaja da rumbun bayanan banki, ba shi kuma da ikon buɗe lambar waya da sunan banki bisa ra'ayin kansa. Wannan na hedikwata ne, kuma sai ya bi ta ofishin fasahar sadarwa, da na bin ƙa'ida, da na lauyoyi. Abin da manaja ke iyawa shi ne ya karanta, ya yi ɗan rubutu a gefen takarda cewa yana goyon baya, ya tura sama. A ƙaramin bankin al'umma kuwa, inda manajan darakta ke zaune a gini ɗaya da masu karɓar kuɗi, hanyar ta fi gajarta. Ko ta wane hali, wasiƙar tana da masu karatu biyu: manajan da zai fara gani, da wani jami'i a Legas ko Abuja wanda bai taɓa taka reshen ba, wanda aikinsa shi ne nemo dalilin cewa a'a. Dole takardar ta iya tsayawa a gaban wannan na biyun ba tare da mai ita yana kusa ba.

Fasalinta na waje sananne ne: adireshin mai rubutu da kwanan wata, muƙamin wanda ake rubuta wa da sunan reshe, gaisuwa, sannan kanun da ke faɗin bukata a layi ɗaya. Sakin layi na farko ne ya kamata ya ɗauki dukan roƙon. Da Hausa zai yi kama da haka: "Ranka ya daɗe, muna neman izinin gwada wata manhaja mai amsa tambayoyi a wannan reshe na tsawon mako takwas. Za ta amsa tambayoyi iri ashirin da biyar kawai, da Hausa da Turanci, ba za ta taɓa asusun kowa ba, kuma banki na iya dakatar da ita a kowace rana." Manajan da ya karanta wannan ya san tsawon lokaci, ya san girman abin, ya san akwai ƙofar fita. Wanda ya buɗe wasiƙa da tarihin kamfaninsa da lambobin yabon da ya samu ya kashe mintin da aka ba shi tun bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Daga nan sai hujja, kuma a nan ne yawancin irin waɗannan wasiƙu ke faɗuwa. Cewa "kwastomomi na shan wahala a layi" ba hujja ba ce, kowa na faɗin haka. Hujja ita ce ƙidaya, ƙidayar kuma ba ta bukatar komai sai littafi da biro da yardar mai kula da teburin kwastomomi. Duk wanda ya zauna a kujera, a ja layi ɗaya a ƙarƙashin irin tambayar da ya zo da ita, ba suna, ba lambar asusu. Mako biyu sun isa, amma a tabbata ƙarshen wata ya faɗo a ciki, domin ranar da albashi ya shigo ba ta kama da sauran ranaku.

A ɗauki misalin wani reshe da ke bakin babbar kasuwa a Kano, da alƙaluman da aka tsara don bayani kawai. A ce cikin kwana 10 na aiki an ƙirga tambaya 600, wato 60 a rana. Daga ciki 210 na kuɗin da aka cire ne bai isa inda aka tura ba, ko na'urar ATM ta zare kuɗi a asusu ba ta ba da ko kwabo ba. Guda 120 na kati ne: ya ɓata, ya daina aiki, na'ura ta haɗiye shi. Guda 90 na takardun buɗe asusu ne, 60 na cajin da mutum ya gani a alat bai gane ba, sauran 120 kuma tarkace ne iri-iri. Mai ɗoki zai kalli 600 ya rubuta wa manaja cewa na'urarsa za ta kwashe layin. Mai hankali zai zauna ya tace. Tambayoyin da za a iya amsawa ba tare da an leƙa asusun mutum ba su ne na takardu 90, na caji 60, kusan rabin na kati, wato 60, da wajen 30 daga tarkacen. Jimla 240, kashi 40 cikin ɗari. Kuma ba duk mai irin wannan tambaya ne zai yi ta a waya ba. Wani ba ya karatun boko, wani wayarsa ƙarama ce, wani kuma sai ya ga idon mutum hankalinsa ke kwanciya. Idan rabi suka yi amfani da ita, an samu 120 a kwana 10, wato 12 a rana. Idan kowace tana cin minti biyar, abin da aka rage wa tebur shi ne awa ɗaya a rana.

Awa ɗaya a rana ba za ta burge kowa a taron baje koli ba, amma ita ce ya kamata ta shiga wasiƙar. Manaja ya san reshensa fiye da baƙo, kuma idan aka ce masa layi zai ragu da rabi, ya san ba gaskiya ba ne, daga nan zai daina yarda da sauran abin da ke cikin takardar. Ga kuma wata riba da ƙidayar tebur ba ta nunawa: mutumin da ya hau babur daga ƙauye ya zo buɗe asusu, aka ce masa ya koma ya ɗauko lambar NIN ko BVN ɗinsa, ya yi asarar yini da kuɗin mota. Da ya tambaya a waya da daddare, da zuwa ɗaya ya ishe shi.

Tambayoyin nan 210 na kuɗin da ya maƙale su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi zafi, don haka wasiƙa ta faɗi ƙarara abin da za a yi da su. Na'urar da ba ta ganin asusu ba za ta iya gaya wa mutum inda kuɗinsa yake ba. Iyakarta ta karɓi ƙorafi, ta tambayi rana da adadi da inda abin ya faru, ta ba shi lambar ƙorafi, ta faɗa masa wa'adin da ƙa'ida ta ɗora wa banki, ta miƙa wa ma'aikaci. A watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya gindaya cewa idan na'urar ATM ta wani banki ce ta ci kuɗin mutum a mayar masa cikin awa 48, idan kuma ta POS ne ko sayayya ta intanet cikin awa 72. Irin wannan bayani na'ura na iya bayarwa daidai, muddin ofishin bin ƙa'ida ya tabbatar shi ne ke aiki a ranar. Abin da ba za ta taɓa cewa ba shi ne "za a mayar maka da kuɗinka gobe", domin wannan alkawari ne, kuma ba ta da ikon cika shi.

Wannan ya kai ga batun da jami'in hedikwata zai fara nema, wato wace irin na'ura ce. Iri biyu ne a taƙaice. Akwai wadda aka rubuta mata amsoshi tun farko, aikinta kawai ta gane wace tambaya aka yi ta ɗauko amsar da ta dace. Idan ba ta gane ba ta ce ba ta gane ba. Akwai kuma wadda ke ƙera jimlolinta da kanta, irin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka yaɗu daga ƙarshen 2022. Ta biyun ta fi daɗin hira, ta fi jure rubutu mai kuskure, amma tana iya ƙago amsar da babu ita a ko'ina, ta kuma faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa. A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na ƙasar Kanada ta ɗora wa kamfanin jiragen Air Canada alhakin bayanin da na'urar shafinsa ta ba wani fasinja kan rangwamen tikiti ga wanda aka yi wa rasuwa. Bayanin ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin, kamfanin ya nemi ya raba kansa da na'urar, kotu ta ƙi, ta sa ya biya. Lauyan banki da ya san wannan shari'a zai karanta wasiƙar da ita a ransa. Shi ya sa gwajin farko ya fi dacewa da amsoshin da banki ya karanta ya sa wa hannu. Idan za a yi amfani da sabuwar fasahar, a taƙaita ta ga gane abin da mutum ke nufi, amsar kuwa ta fito daga takardar da aka amince da ita kalma da kalma.

Amsar da aka sa wa hannu ma tana tsufa. Kafin 1 ga Maris 2025, mai kati na iya cirar kuɗi sau uku a wata a na'urar wani banki ba a caje shi ba. Daga wannan rana Babban Banki ya soke wannan, ya sa naira 100 a kan kowace naira 20,000 da aka cira a na'urar wani banki. Na'urar da ba a gyara mata amsa a daren ba, washegari za ta riƙa gaya wa mutane abin da ba haka yake ba, su kuma su zo reshe da hoton hirar a waya suna neman a biya su. Don haka wasiƙa ta nemi banki ya ware mutum ɗaya da zai riƙe takardar amsoshin, wanda duk sanarwar da ta zo daga hedikwata za ta bi ta hannunsa, kuma kowace amsa ta ɗauki ranar da aka duba ta.

Harshe shi ne wurin da wasiƙar da aka rubuta don reshe a Kano ko Sakkwato ko Zariya za ta bambanta da wadda aka kwafo daga wani wuri. Ba wanda ke rubuta wa banki Hausar littafi. Abin da zai shigo shi ne "an ciremin kudi alat bai shigoba", babu ƙugiya a kan ko wane harafi, kalmomi a manne, rabi da Turanci. Wani zai ce asusu, wani akawun, wani ya rubuta kalmar da Turancinta. Basakkwace zai rubuta yadda yake magana, ba yadda Bakano ke yi ba. Da yawa ma ba za su rubuta ba, za su danna su aiko da murya, ga hayaniyar kasuwa a baya. Mai wasiƙa ya faɗi gaskiya kan wannan: ko na'urar na sauraron murya, ko kuwa duk saƙon murya kai tsaye zai tafi wurin ma'aikaci. A gwajin farko na biyun ya fi aminci. Kuma ya ba da shawarar jarrabawa kafin a buɗe wa jama'a: ma'aikatan tebur su rubuta tambaya 200 kamar yadda suke jin su daga bakin mutane, rabi da Hausa, a ba na'urar, a ƙirga nawa ta gane. A ware sakamakon Hausa daban da na Turanci. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, kyawun na Turanci zai rufe raunin na Hausa, alhali masu Hausar su ne mafi yawan waɗanda ke cika layin.

Sakin layi na tsaro gajere ne amma ba a tsallake shi. 'Yan damfara sun daɗe suna kiran mutane da sunan banki suna neman lambar sirri, saboda haka sabuwar lambar da ke cewa ita ce banki abin zargi ce tun daga ranar farko. Wasiƙa ta nemi lambar ta zama mallakar banki, a rataye ta a allo cikin reshe, kuma saƙon farko na kowace hira ya ce banki ba ya tambayar lambar sirrin kati ko lambar OTP da ake turowa a waya. Duk da haka wasu za su rubuto su da kansu, don suna ganin hakan zai hanzarta taimako. A faɗi abin da zai faru idan aka yi haka: manhajar ta rufe lambobin kafin a adana hirar, ta kuma gargaɗi mai su ya canja. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki lambar waya da abin da mutum ya rubuta game da kansa a matsayin bayanan da ake karewa, kuma ta sa sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje. Jami'in bin ƙa'ida zai so ya ga amsar tambaya uku a rubuce: ina ake ajiye hirarrakin, wa ke iya karanta su, yaushe za a goge su.

Tsarin mako takwas ɗin ma a fayyace shi. Mako biyu na farko ma'aikata ne kaɗai za su yi amfani da na'urar: kwastoma ya yi tambaya a tebur, ma'aikaciya ta amsa masa yadda ta saba, sannan ta rubuta wa na'urar tambayar ta ga me za ta ce. Kuskure a wannan lokaci ba ya cutar da kowa. Sauran mako shida a buɗe wa kwastomomin reshen. A kowace hira a bar hanyar isa ga mutum a fili, kalma ɗaya kamar "ma'aikaci" ta wadatar, kuma idan na'urar ta kasa gane mutum sau biyu a jere ta miƙa shi da kanta. Ta faɗa masa gaskiyar lokacin da zai samu amsa. Wanda ya rubuto daren Juma'a ya san sai Litinin.

Sai ma'aunin nasara, wanda dole a yarda a kansa kafin a fara, domin idan aka bar shi sai ƙarshe kowa zai ɗauko alƙalumman da suka yi masa daɗi. Akwai tarko ɗaya da ya kamata manaja ya sani. Manhajoji da yawa suna ƙirga duk hirar da ba ta kai ga ma'aikaci ba a matsayin wadda aka warware. Amma mutumin da ya yi tambaya sau uku, aka ba shi amsar da ba ta shafe shi ba, ya yi tsaki ya ajiye waya, shi ma bai kai ga ma'aikaci ba. A rahoto ya zama nasara, a zahiri yana kan hanyar zuwa reshe da fushi. Ana gane wannan ta hanya biyu masu sauƙi. Kowane mako wani ma'aikaci ya ɗauko hira 50 ba zaɓe, ya karanta, ya raba su uku: an amsa daidai, ba a amsa ba, an amsa ba daidai ba. Sannan littafin ƙidayar nan na tebur ya ci gaba, da ƙarin tambaya ɗaya ga duk wanda ya zauna, ko ya fara tambaya a waya kafin ya zo. Idan tambayoyin takardun buɗe asusu sun sauko daga tara a rana zuwa biyar, na'urar ta yi aiki. Idan suna nan a tara, duk abin da rahoton manhaja ya ce bai canja komai ba.

Kashi na uku, wato amsar da ba daidai ba, ya fi na biyu muni nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya kamata a ɗaura wa sharaɗin dakatarwa. Wasiƙa na iya cewa amsa ɗaya tak da ta faɗi caji ko wa'adi ba daidai ba ta isa a rufe wannan tambaya har sai an gyara, fitar bayanan kwastoma ɗaya ga wanda bai dace ba kuwa ta isa a tsayar da gwajin baki ɗaya. Mai kawo shawara da ya rubuta wannan da hannunsa ya riga jami'in hedikwata faɗin abin da zai faɗa.

Batun kuɗi a rubuta shi da lambobi, har da abin da ba na manhaja ba. Idan gwajin kyauta ne a faɗi haka, a kuma faɗi kimanin abin da za a nema idan banki ya so ci gaba, domin manaja ba ya son ya saba wa kwastomominsa da abu sannan a zo masa da farashin da ba zai iya karewa a hedikwata ba. Lokacin ma'aikata ma kuɗi ne: awannin da za a kashe wajen rubuta amsoshi ashirin da biyar da duba su, da kusan awa biyu a mako na karanta hirarraki. A faɗi kuma cewa takardar amsoshin da hirarrakin mallakar banki ne, ko an ci gaba ko ba a ci gaba ba.

Akwai wata tambaya da ba a rubutawa amma tana cikin ginin, ita ce ta ma'aikatan tebur, waɗanda da yawansu a bankunan Najeriya 'yan kwantiragi ne. Su ne za su yi ƙidayar, su ne za su rubuta tambayoyin jarrabawa, su ne za su nuna wa kwastoma lambar da ke allo. Idan suka ɗauka ana gwada abin da zai maye gurbinsu ne, gwajin zai mutu ba tare da wani ya ce uffan ba. Jimla ɗaya a wasiƙar da ke nuna inda awar da aka samu za ta tafi, wato kan ƙorafe-ƙorafen nan 210 da sai mutum ne ke iya bin su, tana ba manaja abin da zai faɗa musu a taron safe.

Wasiƙar tana rufewa da ƙaramar bukata mai rana: ganawar rabin awa cikin mako biyu masu zuwa, tare da shugaban sashen ayyuka na reshen, inda za a kawo manhajar a waya manaja ya jefa mata tambayoyin da ya ga dama. Sai sa hannu, cikakken suna, muƙami, da lambar rajistar kamfani idan kamfani ne. A maƙala mata takarda biyu kawai, jadawalin ƙidayar da jerin tambayoyi ashirin da biyar da amsoshin da ake ba da shawara. Ana kai kwafi biyu reshe, a miƙa ɗaya, a sa a buga wa ɗayan hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi, domin da wannan kwafin ne ake bin sawun takardar idan ta haura hedikwata aka ji shiru.